Goma, Bakwai ko Biyar: Yadda Ƙidaya Ɗaya Ke Haifar da Amsa Uku

A ɗauka wani ƙaramin asibiti ne a cikin birnin Kano, irin wanda ya daina rubuta sunayen marasa lafiya a babban littafi ya koma kwamfuta. Ƙarshen mako ya zo, shugabar asibitin ta tambayi ma'aikatan ofishin ajiye bayanai: "Malamai, mutum nawa muka gani a makon nan?" Na farko ya duba ya ce, "Goma ne, ranki ya daɗe." Na biyu ya ce bakwai ya samu. Na uku ya ce shi biyar kwamfuta ta nuna masa. Su ukun rumbun bayanai ɗaya suka tambaya, a sa'a ɗaya, kuma ba wanda ya yi kuskuren rubutu.

Mai jin wannan labari zai fara zargin na'urar. Na'urar ba ta da laifi. Tambayoyi uku aka yi mata masu kama da juna kamar 'yan gida ɗaya, ta amsa kowacce daidai. Abin da ya fi ɗaure kai ma shi ne, a cikin amsoshin uku babu wadda za a iya rantsewa ita ce adadin mutanen da suka zo.

Yaren da ake tambayar irin waɗannan rumbuna da shi sunansa SQL. Asalinsa daga kamfanin IBM ne a Amurka: Edgar Codd ya fitar da tsarin ajiye bayanai cikin tebura a 1970, Donald Chamberlin da Raymond Boyce suka tsara yaren tambayar a 1974, aka kuma yi masa ƙa'ida ta bai-ɗaya a 1986. Yau manhajoji irin su PostgreSQL, MySQL, Oracle, SQLite da SQL Server duk da shi suke aiki, kuma a kan batun da za mu tattauna, ginshiƙin dokarsu ɗaya ne.

Ga teburin asibitin namu, wanda aka sa wa suna `ziyara`. Na ƙirƙire shi ne don misali, na kuma taƙaita shi yadda mai karatu zai iya ƙirgawa da yatsa. Kowane layi na kwance zuwa ɗaya ne na mara lafiya. Kowane jeri na tsaye, wanda ake kira ginshiƙi, yana ɗauke da bayani iri guda: lambar ziyara, rana, lambar katin asibiti, da unguwar da mutum ya fito.

```
lamba  rana     kati   unguwa
1      Litinin  A101   Fagge
2      Litinin  A102   Gwale
3      Litinin  NULL   Fagge
4      Talata   A101   Fagge
5      Talata   A103   Dala
6      Laraba   NULL   Gwale
7      Laraba   A104   NULL
8      Alhamis  A101   Fagge
9      Alhamis  A105   Dala
10     Juma'a   NULL   Fagge
```

Tambayoyin ma'aikatan nan uku, idan aka haɗa su a umarni ɗaya, ga su:

```sql
SELECT COUNT(*), COUNT(kati), COUNT(DISTINCT kati)
FROM ziyara;
```

Amsa za ta fito 10, 7, 5.

Ta farko, mai alamar tauraro, `COUNT(*)`, layuka take ƙirgawa. Ba ruwanta da abin da ke cikin layin, ko cike yake ko rabinsa wayam. Layi goma ne a tebur, sai ta ce goma. Wato ziyara goma aka rubuta. Wasu masu aikin suna rubuta `COUNT(1)` maimakon tauraro, har da masu cewa ya fi sauri. Amsarsu ɗaya ce, kuma ban ga dalilin ɓata lokaci a kan wannan gardama ba.

Ta biyu, `COUNT(kati)`, tana bin layukan ne tana leƙa gurbin kati. Idan ta ga wani abu a ciki ta ƙirga, idan ta tarar da `NULL` ta tsallake. Layi na 3 da na 6 da na 10 ba su da kati, saboda haka goma ta koma bakwai. Lura cewa A101 ya fito sau uku, kuma sau ukun duk ta ƙirga shi, domin ba a ce mata ta damu da maimaici ba.

Ta uku, `COUNT(DISTINCT kati)`, aiki biyu take yi. Tana zubar da layukan `NULL` kamar ta biyu, sannan ta dunƙule duk lambobin da suka maimaitu su zama ɗaya. A101 uku suka koma ɗaya, ga A102, A103, A104 da A105, sun zama biyar.

Daga nan za a ga cewa ta farko ba za ta taɓa gaza ta biyu ba, ta biyu kuma ba za ta gaza ta uku ba. Za su zo daidai da juna ne kawai idan ginshiƙin ba shi da gurbi ko ɗaya da aka bari, kuma ba shi da maimaici. A teburinmu ginshiƙin `lamba` haka yake: ko ta wace hanya aka ƙirga shi, goma za a samu. Wannan ne ma ya sa mutum zai iya daɗewa yana aiki bai san akwai bambanci ba, muddin ginshiƙan da yake ƙirgawa masu tsabta ne. Ranar da ya taɓa ginshiƙi irin na kati ko na lambar waya, sai lissafi ya rikice masa.

A ganina, tazarar da ke tsakanin amsoshin ta fi su kansu amsoshin amfani. Goma a cire bakwai, uku: ziyara uku ke nan da aka rubuta ba tare da kati ba. Bakwai a cire biyar, biyu: sau biyu ke nan wani mai kati ya sake dawowa. Duk wanda aka miƙa wa sabon tebur da bai san shi ba, abu na farko da ya kamata ya yi shi ne ya gudanar da ƙidayar nan uku a kan kowane ginshiƙi mai muhimmanci. Cikin daƙiƙa kaɗan zai san inda ake barin gurbi da inda ake maimaitawa, tun kafin ya rubuta rahoton da zai ba shi kunya.

Abin da `NULL` yake nufi

Duk rikicin da ke tsakanin goma da bakwai a kan wannan alama ya rataya, don haka ta cancanci a tsaya a kanta. `NULL` ba sifiri ba ce. Ba kuma rubutu ne mara haruffa ba. Alama ce da rumbun ke sawa don ya nuna cewa ba a ba shi komai ba a wannan gurbi. Idan ginshiƙi na yawan 'ya'ya ne, sifiri na nufin an tambayi matar ta ce ba ta da ɗa, `NULL` kuwa na nufin ba a san amsar ba. Tana iya zama uwar tara.

Tunda ba a san abin da ke wurin ba, SQL ba ya yarda ya ce `NULL` daidai yake da wani abu, ko da wani `NULL` ɗin ne. Abu biyu da ba a sani ba, ta yaya za a ce ɗaya ne, ko a ce daban suke? Wannan tunani yana da ma'ana, amma yana kama sababbin hannu a tarko. Mutum yana son ya san ziyara nawa ce ba ta da kati, sai ya rubuta abin da hankali ya fi kawowa:

```sql
SELECT COUNT(*) FROM ziyara WHERE kati = NULL;
```

Amsa ta fito 0, ba tare da wani ƙorafi daga na'ura ba, shi kuma ya tafi da murnar cewa bayanansa cikakku ne. Dalili shi ne kwatancen `kati = NULL` ba ya taɓa zama gaskiya a kowane layi, sakamakonsa kullum "ba a sani ba", kuma `WHERE` layukan da sharaɗinsu ya tabbata kaɗai yake bari su wuce. Rubutun da ya dace shi ne `WHERE kati IS NULL`, wanda zai dawo da 3.

Haka ƙidayar ginshiƙi ke zubar da `NULL` shiru. SQL Server kan fitar da ɗan gargaɗi cewa an cire wasu gurabe marasa komai daga lissafi, amma yawancin sauran manhajojin ba sa cewa uffan, kuma ko gargaɗin ma ba ya kaiwa ga wanda ke karanta rahoto a kan takarda.

Akwai wani saɓani a cikin yaren kansa da ya kamata a sani. Idan ka nemi jerin unguwanni daban-daban da `SELECT DISTINCT unguwa FROM ziyara`, layi huɗu za ka gani: Fagge, Gwale, Dala, da wani layi na `NULL`. Idan kuwa ka nemi adadinsu da `COUNT(DISTINCT unguwa)`, uku za a ba ka. A wajen jerawa an bar wa `NULL` kujerarsa, a wajen ƙirgawa an kore shi. Ba sabon abu ba ne a ga ma'aikata biyu suna jayayya a kan bambancin ɗaya tak, wannan na cewa huɗu wancan na cewa uku, alhali asalin rigimar wannan ce.

To, mutum nawa suka zo?

Mu koma ga abin da shugabar ta tambaya. Goma ba amsa ba ce, domin ziyara ce aka ƙirga, kuma mai kati A101 shi kaɗai ya zo sau uku. Kamar mai ƙirga kwanukan da suka fita daga madafa ranar biki ne ya ce adadin baƙi ke nan, alhali wasu sun yi ƙari. Bakwai kuwa ita ce mafi rauni a wannan tambayar: ba ta ƙirga duka ziyara ba, ba ta kuma ƙirga mutane ba. Amsa ce ga wata tambaya daban, wato sau nawa aka rubuta lambar kati. Biyar ta fi kusa, amma ta yi watsi da ziyara uku kamar ba a yi su ba, alhali mutane ne suka zo da ƙafafunsu aka duba su.

Waɗannan ziyara uku marasa kati, su wane ne? Mai yiwuwa masu katin da muka riga muka ƙirga ne, suka manto katinsu a gida: na layi na 6 daga Gwale yake, kuma mai A102 ma daga Gwale yake. Idan duka ukun haka ne, mutum biyar ne suka zo. Mai yiwuwa kuma baƙi ne uku da ba a taɓa yanka wa kati ba, to sun zama takwas. Ko kuma baƙo ɗaya ne daga Fagge ya zo Litinin ya dawo Juma'a. Abin da teburin zai iya tabbatarwa shi ne adadin yana tsakanin 5 da 8. Babu wani umarni, komai ƙwarewar mai rubuta shi, da zai fitar da lamba ɗaya daga nan, saboda bayanin bai shiga rumbun ba tun daga teburin karɓar marasa lafiya.

Codd da kansa ya ga wannan matsala. A littafinsa na 1990 ya ba da shawarar a raba alamar gida biyu: ɗaya don abin da yake akwai amma ba a sani ba, ɗaya don abin da bai ma shafi wannan layin ba. Da an bi shawararsa, da an bambanta wanda ya manto kati da wanda ba shi da kati sam. SQL bai ɗauki wannan ba, alama ɗaya ce ke ɗaukar nauyin duka biyun. Asibitin da ke son bambancewa dole ya ƙara wani ginshiƙi na kansa da zai ce "sabo" ko "ya manta".

Shi kansa lissafin 5 zuwa 8 ɗin yana tsaye ne a kan zaton cewa mutum ɗaya kati ɗaya. Wanda ya san asibitocinmu ya san ba kullum haka yake ba. Akwai katin iyali, inda uwa da 'ya'yanta ke shiga da lamba ɗaya: a nan A101 uku na iya zama mutum uku, kuma `DISTINCT` zai rage adadin mutane. Akwai kuma wanda katinsa ya ɓata aka yanka masa sabo: mutum ɗaya lamba biyu, adadin ya kumbura. `COUNT(DISTINCT kati)` katuna yake ƙirgawa. Mai rahoto ne ke ɗora masa sunan "mutane", kuma alhakin wannan suna a wuyansa yake. Rahoto na gaskiya zai ce: ziyara 10, bakwai daga ciki da kati, katuna daban-daban 5, ziyara 3 ba a san masu su ba.

Idan magatakarda ya ƙi barin gurbi

Yanzu a ce mai shigar da bayanai mutum ne mai son tsari, ba ya son ganin gurbi wayam. Duk wanda ya zo ba kati, sai ya rubuta "babu". Niyyarsa mai kyau ce, amma dubi abin da ya faru da lissafi. Kalmar "babu" rubutu ce kamar kowane rubutu, ba `NULL` ba ce. Ƙidayar nan uku za ta koma 10, 10, 6. Tazarar da ke nuna mana ziyara uku marasa kati ta ɓace, an kuma haifi wani mara lafiya na bogi mai lambar kati "babu", wanda ya zo asibiti sau uku a mako. A babban tebur, wannan bawan Allah shi ne kan zama wanda ya fi kowa yawan zuwa asibiti.

Idan magatakardan uku ne, ɗaya ya rubuta "babu", ɗaya "Babu" da babban baƙi, ɗaya ya ja ɗan layi kawai, to amsar ta uku za ta danganta da manhajar da ake amfani da ita. PostgreSQL da SQLite, a yadda suke zuwa, suna bambanta babban baƙi da ƙarami, don haka za su ce 8. MySQL a tsarinsa na asali ba ya bambantawa, "babu" da "Babu" abu ɗaya ne a wurinsa, zai ce 7. Tebur ɗaya, umarni ɗaya, amsa ta canja saboda an canja manhaja.

Wani lokaci ba magatakarda ba ne, fom ɗin da ke kan allo ne. Idan aka bar akwati ba a cike ba, wasu manhajojin shigar da bayanai ba `NULL` suke aikawa rumbu ba, rubutu mara harafi ko ɗaya suke aikawa, wanda ake rubutawa `''`. A ido, gurbin wayam yake, ba ka iya bambanta shi da `NULL`. PostgreSQL, MySQL da SQL Server suna ɗaukar sa a matsayin abu, su ƙirga shi: 10, 10, 6. Oracle kuwa yana ɗaukar rubutu mara harafi a matsayin `NULL`: 10, 7, 5. Hukumar da ta kwashe bayananta daga wata manhaja zuwa wata tana iya ganin alƙalumanta sun motsa ba tare da an ƙara ko an rage layi ɗaya ba.

Alamar da ke tona wannan asiri mai sauƙi ce. Idan `COUNT(*)` da `COUNT(kati)` suka zo daidai a ginshiƙin da ka san a zahiri ba kowa ke cikawa ba, kada ka yi murna, ka yi zargi. Ka nemi a nuna maka lambobin da suka fi yawan fitowa:

```sql
SELECT kati, COUNT(*) FROM ziyara
GROUP BY kati ORDER BY COUNT(*) DESC;
```

Su "babu" da ɗan layi da 0000 da gurbi wayam za su taso sama. Bayan an gan su, ana iya mayar da su `NULL` a lokacin ƙidaya. Misali `COUNT(NULLIF(TRIM(kati), ''))` yana share sararin da ke gefen rubutu, sannan ya ɗauki abin da ya rage wayam a matsayin `NULL`. Ga "babu" da 'yan uwanta sai an bi su ɗaya bayan ɗaya. Haka ma lambar waya da aka rubuta sau ɗaya da sifiri a gaba, sau ɗaya da +234, ko A101 da aka buga da harafin O a wurin sifiri: a idon `DISTINCT` abubuwa biyu ne, har sai an daidaita rubutunsu.

Inda tauraro ke yaudara

Kawo yanzu za a iya zaton `COUNT(*)` ce mai gaskiya a cikinsu, tunda ba ta zubar da komai. Tana da nata ramin, kuma yana buɗewa ne idan aka haɗa tebur biyu. Layukan da take ƙirgawa ba na teburin asali ba ne, na sakamakon haɗin ne.

A ce asibitin yana da wani tebur, `unguwanni`, mai sunaye huɗu na wuraren da yake yi wa hidima: Fagge, Gwale, Dala da Tarauni. Ana son a ga ziyara nawa ta fito daga kowacce, har da wadda ba wanda ya zo daga cikinta. Irin haɗin da ke riƙe kowace unguwa ko da ba ta da ziyara shi ne `LEFT JOIN`:

```sql
SELECT u.suna, COUNT(*), COUNT(z.lamba)
FROM unguwanni u
LEFT JOIN ziyara z ON z.unguwa = u.suna
GROUP BY u.suna;
```

Fagge za ta fito da 5 da 5, Gwale 2 da 2, Dala 2 da 2. Tarauni kuwa za ta fito da 1 da 0. Ba wanda ya zo daga Tarauni, to daga ina ɗaya ta fito? Domin a riƙe sunan Tarauni a sakamako, haɗin ya ƙirƙira mata layi guda, ya cike ɓangaren ziyara da `NULL`. Tauraro ya ga layi, ya ƙirga. `COUNT(z.lamba)` ya leƙa gurbin lambar ziyara, ya ga ba komai, ya ce sifiri, kuma shi ne mai gaskiya. Halin nan na tsallake `NULL`, wanda ya ɓatar mana da ziyara uku ɗazu, shi ne a nan ya cece mu.

Dubi wani abu kuma. Idan aka tara amsoshin tauraro, 5 da 2 da 2 da 1, goma za a samu, daidai da jimillar ziyara. Mai duba rahoto zai ce lissafi ya cika, ya sa hannu. Alhali kuskure biyu ne suka rufa wa juna asiri: an ƙara wa Tarauni ziyarar da ba a yi ba, sannan ziyara ta 7, wadda ba a rubuta unguwarta ba, ta faɗi daga haɗin gaba ɗaya saboda `NULL` ba ya dacewa da sunan kowace unguwa. Ƙidayar daidai tana ba da tara, kuma wannan ɗayan da ya ɓace shi ne zai sa mai hankali ya koma ya nemo layi na 7.

Zaɓen ginshiƙin da za a ƙirga a nan ma ba wasa ba ne. An zaɓi `z.lamba` ne saboda kowace ziyara ta gaske tana da lamba. Da an sa `z.kati`, da Fagge ta koma 3, Gwale ta koma 1, domin marasa kati sun sake zubewa.

Haɗi yana iya kumbura lissafi ta wata fuskar. Idan akwai teburin magunguna inda kowane magani da aka rubuta wa mara lafiya ke da layinsa, to haɗa shi da `ziyara` zai maimaita kowace ziyara sau adadin magungunanta. Wanda aka rubuta wa magani uku zai fito a layi uku. A nan `COUNT(*)` ba ziyara yake ƙirgawa ba kuma, magunguna yake ƙirgawa, ko da mai rubutun bai sani ba. `COUNT(DISTINCT z.lamba)` zai dawo da adadin ziyara. Sai dai ina da ƙorafi a kan yadda wasu ke watsa `DISTINCT` a duk inda lamba ta yi musu yawa, ba tare da sun binciki abin da ya kumbura ta ba. Ƙidayar za ta gyaru, amma idan a umarnin akwai tara kuɗin da aka biya a kowace ziyara, wannan jimillar tana nan a kumbure, kuma yanzu an goge alamar da za ta fallasa ta.

Ba a tara ta kamar kuɗi

Akwai bambanci na ƙarshe da ya fi shafar masu karanta rahoto fiye da masu rubuta umarni. Ƙidayar layuka ana iya tara ta. Litinin ziyara 3, Talata 2, Laraba 2, Alhamis 2, Juma'a 1, jimilla 10, daidai da na mako. Ƙidayar ginshiƙi ma haka. Amma gwada da katuna daban-daban na kowace rana: Litinin 2, Talata 2, Laraba 1, Alhamis 2, Juma'a 0. Jimilla 7. Na mako kuwa mun san 5 ne. Kowace rana lissafinta daidai ne, amma A101 ya shiga na Litinin, ya shiga na Talata, ya shiga na Alhamis, kuma tarawa ba ta san mutum ɗaya ba ne.

Wannan yana faruwa a duk inda ake tura rahoton wata-wata zuwa sama. Idan kowane wata asibiti ya aika adadin marasa lafiya daban-daban, wani a hedikwata ya tara na wata goma sha biyu ya kira shi adadin shekara, to mai hawan jini da ke zuwa karɓar magani kowane wata ya zama mutum goma sha biyu. Haka idan aka tara na asibitoci da yawa, duk wanda ya je biyu an ƙirga shi sau biyu. Ba a iya gyara wannan daga jimillolin da aka riga aka aiko. Dole a koma kan layukan asali, a gudanar da `COUNT(DISTINCT ...)` sau ɗaya a kan dukan shekarar.

Wannan komawar tana da tsada idan tebur ya girma. Mai ƙirga layuka lamba ɗaya kawai yake riƙewa yana ƙara mata ɗaya-ɗaya. Mai ƙirga abubuwa daban-daban kuwa sai ya tuna duk abin da ya riga ya gani, ko ya jera su duka bi da bi don maimaici ya fito fili, kuma a kan layuka miliyoyi wannan na cin lokaci da ma'ajiyar na'ura. Shi ya sa aka samar da hanyoyin ƙiyasi, wadda ta fi shahara ita ce HyperLogLog, da Philippe Flajolet da abokan aikinsa suka wallafa a 2007. Oracle, SQL Server da BigQuery suna da umarni mai suna `APPROX_COUNT_DISTINCT` wanda ke ba da amsa da sauri, da ɗan kuskure kaɗan sama ko ƙasa. Ya dace da kamfanin da ke son sanin kimanin mutum nawa suka buɗe manhajarsa jiya. Bai dace da jerin waɗanda za a biya albashi ba, ko adadin yaran da suka karɓi allurar rigakafi a wata mazaɓa, inda kowane ɗaya da aka ƙara ko aka rage sai an yi bayaninsa.